Gaisuwa a Rumfar Tuwo

Ni dai a ɗakin kati na ci ƙuruciyata. Wani asibitin kuɗi ne a Birnin Kebbi, ba babba ba, kuma ba zan faɗi sunansa ba, don har yau alkawarin da na sa wa hannu yana wuyana. Kullum da safe in tari keke napep daga Gwadangaji, in zo in buɗe tagar nan tamu mai ƙarfe, in yini ina miƙa kati ina karɓar kati. Duk wanda zai ga likita sai ya bi ta gabana. Na san ciwon attajiri, na san na malami, na san matar da ke zuwa a ɓoye ba da sanin dangin mijinta ba. Da bakina irin na wasu ne, wallahi da rabin garin nan ba sa ga maciji da juna.

Akwai wani fom da duk mai taɓa fayil ɗin marasa lafiya yake cikewa ranar da aka ɗauke shi aiki. Takardar alkawarin riƙe sirri muke ce mata. Da Turanci aka rubuta ta, shafi ɗaya da ɗan doriya, kuma da na zama babba a ɗakin ni ce mai karanta wa sababbi ita da Hausa kafin su sa hannu. Abin da ke ciki ba wuya gare shi ba. Kada ka buɗe fayil ɗin da aikinka bai kai ka gare shi ba. Kada ka fita da shi daga asibiti, kada ka ɗauki hotonsa da waya. Kada ka faɗa wa kowa abin da ka gani, ko matarka, ko uwar da ta haife ka, kai ko cewa wane yana zuwa asibitin nan ma sirri ne, da baki ko da alama. Ba a fitar da bayani sai mai shi ya yarda a rubuce, ko kotu ta nema, ko kuwa doka ta wajabta, shi ma ta hannun likita. In ka ga wani ya karya, dole ka kai rahoto. Ko ka bar aikin, alkawarin bai bar ka ba. Daga ƙasa kuma ga hukunci a jere: takardar tuhuma, dakatarwa, kora, in abin ya yi muni har gaban alƙali. Sai ka sa hannu, shaida ya sa, a ba ka kwafi, a jefa ɗaya a fayil ɗinka na ma'aikaci.

Cikin waɗanda na karanta wa har da wani dattijo mutumin Argungu, wanda kowa a asibitin ke ce wa Kawu. Kawun matar likita mai asibitin ne na gaske, mu kuma muka ara. Ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma, zaman gida ya ishe shi, aka kawo mini shi wai ya riƙa taya ni jera kati. Ranar da nake karanta masa takardar, yana ta ɓare goro yana kaɗa kai.

"Ke ɗiyata, bar wahal da bakinki," in ji shi. "Mu da munka riƙe sirrin gwamnati tun ba a haihe ki ba? Kawo in sa hannu."

Ya zana wani sa hannu mai jela kamar na gwamna. Kwafinsa kuwa, kafin azahar na gan shi ya naɗe ragowar goro a ciki.

In za a faɗi gaskiya, Kawu ba mugu ba ne, kuma wannan shi ya fi ƙona mini rai. Da mugu ne da na san inda zan ajiye shi. Mutum ne mai son jama'a har abin ya zama cuta. Ba ya wuce kowa bai gaishe shi ba, kuma gaisuwarsa ba ta ƙarewa a ina kwana. Sai ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara. Jana'iza, suna, dubiya, ko'ina ka je za ka tarar ya riga ka. Abin da ya haɗa ni da shi tun farko, karatun fayil. In na ba shi ya mayar kan kanta, sai ya gyara tabarau ya buɗe yana karantawa kamar jarida, yana "Ash, Allah sarki!" Na yi magana har na gaji. Kullum amsarsa guda ce, wai in bai san ciwon mutum ba ta yaya zai yi masa addu'a.

To, a cikin masu zuwa wurinmu akwai wata mata daga Argungu, za ta girme ni da kaɗan. Tarin tibi ya kama ta. A garinsu ma ana ba da maganin, kyauta kamar yadda muke bayarwa, amma ta zaɓi ta riƙa biyan kuɗin mota tana zuwa Birnin Kebbi. Dalili kuwa, tuwo take sayarwa. Rumfa gare ta kusa da tasha, tuwon shinkafa da miyar kifi, da shi take ci da marayunta tun rasuwar mijinta. Ta san mutanenta. Ranar da aka ji kalmar tibi a kan mai tuwo, ranar kasuwarta ta mutu.

Mai kula da masu tarin a wurinmu wata nas ce Kirista, mutuniyar Filato, da ta daɗe a Kebbi har Hausarta ta koma irin tamu. Sista muke ce mata. Ita ta sa matar ta bar wa ƙanwarta rumfar a farkon shan magani, matar kuma ta bi, ta ce wa mutane ciwon baya ke damunta. Ba ta taɓa tsallake ranar karɓar magani ba. Da aka sake gwada kakinta aka ga ba ƙwayar cutar, likita da kansa ya ce ta koma sana'arta, ba za ta shafa wa kowa ba, ta dai ci gaba da shan maganin har ya cika. Sista ta sha faɗa mana cewa ciwon nan ta iska yake bi, ba ta cikin tuwo ba. Amma je ka faɗa wa direban tasha haka ka ji.

Ranar da ta fara zuwa, da ta ji harshen Kawu ta gane mutumin garinsu ne, sai ta ja mayafi ta matso bakin taga ta ce mini a hankali, "'Yar'uwa, wancan dattijon fa?" Na ce mata ta kwantar da hankalinta, duk wanda ke ɗakin nan ya sa hannu a takarda, ba mai fitar da maganarta. Da bakina na faɗa mata haka, ta kuma yarda.

Ana nan sai aka yi wa wani ma'aikacin ɗakin gwajinmu haihuwa, suna a Argungu. Ran Asabar muka cika motar haya muka tafi. An yi addu'a, an ci abin da aka ci, da rana ta karya muka nufo tasha, ni da Sista da Kawu, shi yana raka mu don a gida zai kwana. Muna tafe yana gaishe-gaishe, har na fara jin haushin tsayuwa. Sai kawai na ga ya saki hanya ya nufi wata rumfa.

Rumfar cike take. Direbobi, 'yan kabu-kabu, masu lodin albasa, wasu a benci wasu a tsugune, kowa da kwanonsa. Ƙamshin miyar kifi har bakin titi. A tsakiya ga matar nan tamu a kan kujera 'yar tsugunno, tana kwasar tuwo da mara, ta yi ƙiba ta yi kyau, tana wa wani direba tsiya a kan bashin nama. Ina ganinta na ja na tsaya. Ita ma ta gan mu, ta sunkuyar da kai kamar ba ta san mu ba, ni da Sista muka kau da fuska. Kawu kuwa ya buɗe murya, irin muryar nan tasa ta mai kiran salla ba lasifika.

"A'a, Hajiya! Ashe nan kike! Sannu, sannu. Ya ƙarfin jiki? Ya tarin? Ya yi sauƙi ko? Kina dai shan maganin kullum? Kada ki yi wasa da shi, tibi ba ya son a tsallake mashi rana. Allah shi ƙara sauƙi, Allah shi sa kaffara ne!"

Har da ɗaga hannu yana jiran a ce amin.

Ba wanda ya ce amin. Na ga wani ɗan kabu-kabu ya tsaya da loma a hannu, ya dube ta, ya dubi lomar, ya mayar cikin kwano. Wani ya tashi ya koma gefe yana kakkaɓe riga. Direban da take wa tsiya ya tofar da abin da ke bakinsa a ƙasa, a gabanta, ya kuskure baki da ruwan buta. Ita dai marar na hannunta, ba ta ajiye ba, ba ta kuma kwasa ba. Can ta ce, "Lahiya lau, Alhaji," da wata murya da ban san ta da ita ba.

Sista ta damƙi hannun rigar Kawu ta ja shi kamar akuya. Da muka yi nisa na juyo masa. Na ce, "Kawu, me ka yi haka? Ka san abin da ka yi kuwa?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Mi na yi? Gaisuwa fa na yi. In ga marar lahiyarmu in wuce ta kamar ban san ta ba? Wane irin rashin tarbiyya ne wanga?"

Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya ce ni yarinya ce, boko ya ɓata ni. A mota har muka iso Birnin Kebbi Sista tsaki take ja lokaci-lokaci.

Ran Litinin na rubuta rahoto na kai wa likita. Takardar alkawarin ta ce dole in kai, amma ko da ba ta ce ba zan kai. Na rubuta abin da aka faɗa, da inda aka faɗa, da wanda ya ji, Sista ta sa hannu a matsayin shaida. Sunan matar ban sa ba, lambar katinta kawai na sa, kamar yadda tsarin yake. Aka ba Kawu takardar tuhuma ya amsa a rubuce. Amsarsa layi biyu ce: shi bai faɗa wa kowa komai ba, da mai ciwon ya yi magana, kuma addu'a ya yi mata.

Kafin a zauna a kan maganar, asibiti ya ɗauka. Abin da ya ba ni ƙyama shi ne, ba wanda ya tambayi halin da matar ke ciki. Ni ce na zama abin nunawa. Mai shara ta daina amsa gaisuwata. Mai ba da magani ya tare ni a baranda yana cewa, "Haba Hajiya, dattijo ne fa, sa'an mahaifinki. Za ki raba shi da abincinsa a kan gaisuwa?" Na ce abincinsa? Shi da ke da fansho da gonar shinkafa a fadama? Ita wadda tukunyar tuwon ce gonarta ce fanshonta fa, nata ba abinci ba ne? Sai ya ce ai ita Allah zai ba ta wani. Kun ji fa. Allah zai ba ta wani, amma shi Kawu sai asibiti ne zai ba shi.

Aka zauna a ofishin likita: shi, da manajan asibitin, da Sista, da ni, da Kawu. Manajan nan wani matashi ne mai son sa kwat ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Shi ya ciro takardar da Kawu ya sa wa hannu ya karanta, ya kai wurin da aka ce da baki ko da alama. Kawu ya gyara zama.

"To ni ina da tambaya. A cikin takardar ga, ina anka rubuta kada a gaida mutum? Ku nuna mani. Sirri na sani, abin kunya ne, kamar cikin shege ko sata. Ciwo kuwa na Allah ne. Wa ya ɗora ma kansa? Kuma ku da kanku ba kuna aika sunayen masu tarin ga wurin gwamnati ba?"

Sista ta ce masa wannan doka ce ta ce a sanar da hukumar lafiya, ta hanyarta ake bi, a rufe, ba a rumfar tasha ba. Ni kuma na ce, "Kawu, ba kai ke zaɓar abin da ya zama sirrin mutum ba, mai shi ke zaɓa. Matar nan ta baro garinku ta zo nan don kada a sani. Kuma ta ina ka san ciwonta? Katinta ka ɗauko, ba a ce ka karanta ba." Ya ce ai ido ba ya da ƙofa.

Likita ya yi ta murza goshi. Na san abin da ke ransa: takarda ta ce laifi irin wannan zai iya kai wa ga kora, gida kuma akwai matar da za ta tambaye shi yadda aka yi ya kori kawunta. Daga ƙarshe ya yanke: dakatarwa ta mako biyu, takardar gargaɗi a fayil, kuma Kawu ya sake sa hannu a sabon fom. Sabon fom! Kamar tsohon ne ya yi laifin. Na haɗiye wannan, don ban zo neman jinin kowa ba. Sai likita ya ƙara da cewa dole asibiti ya ba matar haƙuri, ita ma a sanar da ita matakin da aka ɗauka.

Na ce wannan daidai ne, haƙƙinta ne. Ranar karɓar maganinta ta kusa, in ta zo a shigar da ita ofis a rufe ƙofa a ba ta haƙuri, a kuma faɗa mata tana da damar kai ƙara in tana so. Manaja ya yi tari da na ambaci ƙara. Kawu kuwa ya ce ina, ba a haka. Wanda ya yi laifi shi ke takawa. Ban haƙuri da ƙafa ake yinsa, a je har inda mutum yake, da manya, a ga girman abin. A kira mace ofis a ba ta haƙuri kamar an kira ta karɓar albashi, wannan raini ne. Likita ya ce Kawu ya yi gaskiya, al'adarmu ke nan. Na ce to in dole ne, a je gidanta, a motar likita, ba hayaniya. Aka ce an ji.

Ranar tafiya na iso na tarar likita ya shiga tiyata, ya wakilta manaja. Motar da aka fito da ita kuwa bas ɗin asibiti ce, fara fat, da sunan asibitin ɓaro-ɓaro a kowane gefe da jan fenti, har da hoton abin awon ƙirji. Na ce wallahi ba za a je da wannan ba. Manaja ya ce ita ce motar aiki, ita aka zuba wa mai. Sista ta ce ita ba da ita ba, ta juya ta shige ɗakinta. Ni na shiga, don na ga in ban je ba ba mai taka musu burki. Tun daga Zauro nake roƙon direba, in mun isa ya ajiye motar nesa mu taka da ƙafa. Ya ce to.

Abin da ban sani ba sai daga baya, a 'yan kwanakin nan kasuwar matar ba ta gama mutuwa ba. Ta yi ta rantsuwa cewa tsohon ya ruɗe ne, wata yake nufi. Wasu sun gudu, amma wasu sun ce ai kowa ya san Alhajin nan da surutu, suka ci gaba da zuwa. Tana lallaɓa abinta, rabin tukunya dai tana ƙarewa.

Muna shiga Argungu Kawu ya ce wa direba, "Yanzu ba ta gida, tana rumfa. Bi nan." Na ce a'a, gida aka ce. Ya ce a je gidan da ba kowa a ba bango haƙuri? Ina magana, manaja na duba waya, direba kuma ya bi maganar babba. Bai tsaya ko'ina ba sai a bakin rumfar, har inuwar motar ta rufe masu cin tuwo. Kafin in buɗe baki, manaja ya laluba aljihun kwat ya ciro takunkumin fuska, irin shuɗin nan na asibiti, ya ɗaura. Na ce, "Cire wannan abin, don girman Allah!" Ya ce rigakafi ya fi magani, ya sauka.

Ban taɓa jin ƙyamar mutane irin ta ranar ba, har da kaina da ke zaune cikin motar. Mutum ya fito daga motar asibiti da hanci a rufe, ya nufi mai tuwo. Me ya rage a faɗa? Mutanen da ke benci suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Masu shago suka leƙo. 'Yan kabu-kabu suka kashe mashin suka tsaya kallo. Kawu ya cire hula, ya rusuna, ya fara da murya yadda kowa zai shaida tubansa:

"Hajiya, mun zo ban hanƙuri. Ga manajan asibiti da kanshi. Maganar ciwonki da na yi rannan, ashe sirri ne, ban sani ba. Ki yahe mani don Allah."

Manaja ya miƙa mata ambulan, takardar ban haƙuri ce a ciki, ya riƙe ta da 'yan yatsu biyu daga can ƙarshe. Ba ta karɓa ba. Ta dube shi, ta dubi motar, sannan ta hango ni ta gilashi. Ni ta fi daɗewa tana kallo. Daga nan ta ɗauki murfi ta rufe tukunyar tuwon, ta janye itacen da ke murhu ta yayyafa masa ruwa. Ta ce, "Na yahe. Ku tahi."

A hanyar dawowa Kawu har da hamdala. Wai ka ga amfanin takawa, ga shi ta yafe nan take, mace mai hankali. Manaja ya ce zai rubuta a rahoto cewa an warware matsala cikin lumana. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Na ce wa direba ya tsaya, na sauka a bakin hanya na tari wata motar, don in na ƙara minti ɗaya a cikinsu zan faɗi abin da za a kore ni a kansa.

Ranar karɓar maganinta ta zo ta wuce, ba ta zo ba. Sista ta shiga damuwa, don mai wannan ciwon in ya yanke magani a tsakiya, ciwon kan dawo da ƙarfin da ya fi na da. Ta yi ta kiran wayarta har ta samu, ta lallashe ta. Bayan kwana kaɗan sai ga ta a bakin tagata. Ta rame, ba ramar ciwo ba. A lokacin Kawu ya gama hutunsa, don hutu zan kira shi, ya dawo yana zaune a bayana, an dai hana shi taɓa fayil, sai buga lamba a sabon kati.

Ta ce ta zo ne a rubuta mata takardar canjin wuri, za ta ƙarasa maganin a wani asibitin. Na ce haƙƙinta ne, Sista za ta rubuta ta kuma ba ta maganin 'yan kwanaki kada ta yanke. Na ciro katinta. Ban so in tambaya ba, amma bakina ya ƙi. Na ce, "Ya rumfa?"

"Babu rumfa," in ji ta. Ta ce kwana uku tana tuƙa tuwo tana mayarwa gida, har almuru ba wanda ya zauna. Ƙanwarta ta gwada zama a madadinta, aka ce ai tukunyar ɗaya ce. Mai wurin ya ba wani mai faci rumfar. Tukwanen ta sayar, yaran ta raba su gidajen dangi, ita za ta koma Gulma wurin yayanta, tana taya matansa gyaran shinkafa. Tana faɗa ba kuka ba ɗaga murya, kamar mai ba da labarin wata.

Na faɗa mata tana da damar kai ƙara, takardar da muka sa wa hannu ma ta ambaci haka, kuma in ta kai ni zan tsaya shaida. Ta yi wani ɗan murmushi. Ta ce, "In je kotu a sake kiran sunan ciwon da lasifika? Ya isa."

Sai Kawu ya ji muryarta. Na ji ƙarar kujerarsa, ya taso da fara'arsa, ya leƙo ta kafaɗata ya buɗe baki. Ta ɗaga masa hannu, ya tsaya. Ta dube mu mu biyu.

"Roƙo guda gare ni," in ji ta. "Ku duka, har ke. In kun gane ni a hanya, ko a kasuwa, ko gidan biki, don Allah kada ku gaishe ni."

Ta karɓi katinta ta nufi ɗakin Sista. Kawu ya koma ya zauna yana salati, wai bai taɓa jin Musulmi ya roƙi a daina gaishe shi ba. Na kira mai bi mata a layi.

Bayan kamar shekara na je ta'aziyya Gulma. A bakin wata rijiya na hango ta, ta ɗauko buhun shinkafa a ka, lafiyarta ƙalau. Hanyar ƙarama ce, ba inda zan kauce. Muka haɗa ido, sallama ta zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye ta, na dubi ƙasa, muka gifta juna.